Daga Kai Zuwa Tafin Ƙafa: Yadda Aikin Jagorar Duba Majiyyaci Ke Tafiya

13 ga Janairu, 2025

Yau na soma rubuta jagorar da ɗalibanmu masu koyon aikin nas 'yan aji ɗaya za su riƙe idan sun fara shiga ɗakin marasa lafiya. Littattafan da ke laburarenmu ba su da laifi, sai dai babin duba majiyyaci a cikinsu yana da kauri, kuma waɗanda suka rubuta su farar fata suke gani a zuci. Ɗalibarmu kuwa za ta tsaya ne a gaban baƙar mace mai lalle a hannu, a ɗaki mai gadaje a jere, ga 'yan jinya zaune a ƙasa suna kallonta. Abin da nake so shi ne kati ɗaya, gaba da baya, wanda zai shiga aljihun riga, sai ɗan littafin bayani da za a karanta a ɗakin kwana.

Na tsayar da ƙashin bayan abin. Hanyoyin duba huɗu ne: kallo, taɓawa, ƙwanƙwasawa da yatsa, sai saurare da abin sauraron ƙirji. Haka suke bi da bi a ko'ina a jiki, ban da ciki, wanda zan zo kansa. Ɗaliba za ta tsaya a hannun daman majiyyaci, ta fara daga kai ta gangaro, kuma duk abin da yake da dama da hagu sai ta gwada wannan da wancan kafin ta wuce. Amfanin bin tsari ɗaya kullum shi ne, ranar da aiki ya yi yawa hankali ya rabu, hannu zai tuna abin da kai ya manta.

Kafin duk wannan akwai layi ɗaya a saman katin: wanke hannu, yi sallama, faɗi sunanki, tabbatar da sunan majiyyaci da abin da ke fayil, nemi izini, ja labule.

20 ga Janairu

Sashen farko na ba shi suna "kafin ki taɓa". Daga ƙofar ɗaki ake fara dubawa. Yaya yake kwance? Ya miƙe sosai ko ya tara matasai ya jingina? Da kika gaishe shi, ya amsa da cikakkiyar magana ko sai da ya yanke ta ya ja numfashi? Mutumin da ba ya iya kai "lafiya lau, alhamdu lillahi" ƙarshe da numfashi ɗaya, ba a ci gaba da duba kansa da kunnensa. A ɗaga masa kan gado, a kira babbar nas. Na rubuta wannan da manyan baƙaƙe, domin sabuwar ɗaliba takan ɗauka dole sai ta bi katin har ƙasa ko da mutum yana shiɗewa.

Na kuma sa gargaɗi a kan tambaya. Mutanenmu ba sa son kai ƙara. Ka tambayi dattijo "Baba, ya jiki?" zai ce "da sauƙi" ko da bai runtsa ba jiya. Saboda haka tambayoyin katin duk masu neman abu takamaimai ne: Jiya da dare matashi nawa ka yi barci a kai? Ka iya zuwa bayi da kanka? Yaushe rabonka da fitsari? Nuna mini da yatsa ɗaya inda ya fi ciwo.

Sai ƙirgen numfashi, wanda shi ne awon da aka fi yi wa ha'inci. Duba takardun awo a ɗakuna da yawa, za ka ga 20, 20, 20 tun safe har dare, alamar ba wanda ya ƙirga. Alhali sau da yawa numfashi ne ke fara sauyawa idan majiyyaci zai rikice, tun kafin awon hawan jini ya faɗi. Babban mutum da ke hutawa yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Dabarar da na rubuta ita ce ɗaliba ta gama ƙirga bugun jini a wuyan hannu, kada ta ɗaga yatsunta, ta mai da ido kan ƙirji ta ƙirga minti guda cur. Da zarar mutum ya san numfashinsa ake ƙirgawa, sai ya sauya shi ba da niyya ba.

27 ga Janairu

Mun gwada sashen awo a ɗakin gwaji, ɗalibai suna auna juna. Bugun jini 60 zuwa 100 a minti bai ba kowa wahala ba, sai dai na ƙara cewa in bugun yana tsalle-tsalle a ƙirga minti guda, kada a ƙirga sakan 15 a ninka.

Awon hawan jini ne ya ci mana lokaci. Wata ɗaliba mai kaurin damtse ta fito da 146 bisa 92, ta tsorata. Da muka sauya maɗauri zuwa babba, ta huta minti biyar, sai awon ya sauko ƙasa da 130 bisa 80. Ƙaramin maɗauri a babban hannu yana ƙara awo, babban maɗauri a siririn hannu yana rage shi. Jakar iskar da ke cikin maɗaurin ya kamata ta zagaye kusan kashi 80 cikin ɗari na damtsen. Na ƙara a littafin bayani cewa a fara da taɓa bugun wuyan hannu, a hura har ya ɓace, a ƙara 30 a kai, sannan a sa abin sauraro a riƙa sakin iska a hankali, ɗigo biyu zuwa uku kowane sakan. Mai saurin sakin iska yakan tsallake bugun farko, ya rubuta awon da ya gaza na gaskiya.

Hunturu ya koya mana wani abu kyauta. Da safe yatsun kowa sun yi sanyi, 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa don auna iskar oksijin ta ƙi nuna komai a hannun wasu, a hannun wasu kuma lambar tana hawa tana sauka. Sai da suka murza hannuwa suka ɗumama ta daidaita. Ya shiga kati: yatsa mai sanyi ba ya ba da awon da za a dogara da shi.

5 ga Fabrairu

Wannan sashen ne ya fi damuna tun farko, kuma shi na fi daɗewa a kai: launi. Littafi zai ce a duba ko majiyyaci ya yi fari, ko ya yi shuɗi, ko fatarsa ta yi ja. Ɗalibarmu ta kalli fuskar baƙin mutum ba ta ga ko ɗaya ba, sai ta rubuta "launi daidai". A baƙar fata ba a fuska ake neman waɗannan ba, a wuraren da fata ba ta da duhu ake nemansu.

Ƙarancin jini: a ce majiyyaci ya kalli sama, a ja fatar idonsa ta ƙasa da babban yatsa a hankali. Cikinta ya kamata ya zama ja mai kyau. In ya koɗe ya koma fari-fari, akwai magana. A tabbatar da harshe da tafin hannu. Na nemi kowace ɗaliba ta ajiye tafin hannunta kusa da na majiyyaci, domin ido ya fi gane bambanci in ya ga biyu a jere. A wurinmu, inda zazzaɓin cizon sauro da sikila da zubar jini wajen haihuwa suke ko'ina, wannan duban na sakan kaɗan ya fi wasu dogayen gwaje-gwaje na cikin littafi amfani.

Shawara: farin ido ake dubawa, kuma da hasken rana, kusa da taga. Ƙwan lantarki mai ɗorawa yana ɓoye ta. Amma akwai tarko. Manya da yawa a cikinmu farin idonsu yana da ɗan duhu ko ɗorawa a daidai wurin da iska da ƙura ke bugu, ba tare da wata cuta ba. Shi ya sa ake ɗaga fatar ido ta sama a ce mutum ya kalli ƙasa, a duba ɓangaren da kullum yake rufe. In can ma ɗorawa ne, to shawara ce. Ana iya ƙarawa da ganda da ƙarƙashin harshe, sai dai ga mai cin goro bakin ya riga ya rine, ido ne abin dogaro. A tambayi launin fitsari.

Ƙarancin oksijin: a baƙar fata ba ya fitowa shuɗi sosai, ya fi kama da toka-toka, kuma a harshe da cikin leɓe ake ganinsa. Lokacin da ido zai gan shi, abin ya riga ya yi nisa. Na'urar yatsa ma tana da iyaka da ya wajaba ɗalibanmu su sani: a masu duhun fata takan nuna lambar da ta ɗan fi ta gaskiya, musamman in iskar ta yi ƙasa. Mutum mai lafiya yana nuna 95 zuwa sama. In na'ura ta ce 95 amma mutum yana numfashi 30 a minti yana haɗa gumi, a yarda da mutumin.

Sai lalle. Jan lalle bai cika dame awon na'urar ba, amma baƙin lalle da jan farce na kanti suna iya hana ta karantawa ko su sa ta yi kuskure. A nemi yatsan da ba a rina ba, ko na ƙafa. Haka gwajin dawowar jini, wanda ake danna farce sakan biyar a saki a ga launi ya dawo cikin sakan biyu: in farcen ya rinu, a danna naman kan yatsa ko tsakiyar ƙirji.

Na ƙara layi ɗaya da ban gani a littattafanmu ba. Tabon ƙaho, tsaga ko sakiya a jiki suna gaya miki inda ciwo ya daɗe yana damun mutum kafin ya zo asibiti. In kin ga sabon shatin ƙaho a hagun ciki, tambayi abin da ya sa aka yi, cikin ladabi ba tare da faɗa ba, ki kuma tambayi abin da aka sha.

12 ga Fabrairu

Kai da wuya. Na rage abubuwa da yawa a nan. Jijiyoyin kai goma sha biyu sai shekara mai zuwa. Abin da na bari wa ɗan koyo shi ne hankali, ido, fuska, baki, wuya.

Hankali mataki huɗu: yana farke, sai an kira shi yake buɗe ido, sai an matsa masa ya ji zafi, ko ba ya amsawa sam. Ma'aunin Glasgow na auna hankali, wanda Teasdale da Jennett suka fara fitarwa a 1974, yanzu kuma yake da maki 3 zuwa 15, yana littafin bayani ga mai son ci gaba. Wajen gwada ko mutum ya san lokaci, na hana tambayar kwanan wata na Bature. Tsohuwar da ta zo daga ƙauye lafiyarta ƙalau ba lallai ta san shi ba. A tambaye ta wace salla aka yi yanzu, wane gari take, wace ce wannan da ke zaune kusa da ita.

Ido: a haska tocila daga gefe, baƙin tsakiya ya tsuke nan take, na dama da na hagu girmansu ɗaya. A ido mai duhu yana da wuyar gani, sai an rage hasken ɗaki. Ɗaya ya buɗe ya ƙi tsukewa a mutumin da hankalinsa ke raguwa, wannan na gudu a kira likita ne. Fuska: a ce ya yi murmushi ya nuna haƙora, a ga ko baki ya karkace. Wuya: kaluluwa, maƙoƙo, sannan ga duk mai zazzaɓi da ciwon kai a ga ko haɓa tana iya taɓa ƙirji. Muna cikin yankin sanƙarau, kuma lokacinsa ke nan muke shiga, daga ƙurar hunturu zuwa zafin bazara.

24 ga Fabrairu

Makon jiya ɗalibai suka fara shiga ɗaki da katin gwaji. Na tsaya ina kallo, abu ɗaya ya yi ta maimaituwa: suna ɗora abin sauraro a kan riga, a gaban ƙirji, wuri biyu, su ce huhu lafiya. Kunya ce, tasu da ta majiyyata. Ban ga laifin kunyar ba, amma saurare ta kan riga yana kawo ƙarar yadi mai kama da ƙarar ruwa a huhu, kuma mafi yawan ƙasan huhu ta baya ake jinsa. A can ruwa ke fara taruwa, a can ciwon huhu ke yawan zama ga wanda ya daɗe a kwance. Wanda bai saurari baya ba bai saurari huhu ba.

Maganin da muka samu mai sauƙi ne, wata tsohuwar sista ce ta nuna mana. A zaunar da mace, a bar zaninta ko mayafinta ya rufe gaba, a ɗaga riga ta baya kawai. In an dawo gaba, a buɗe wurin da za a saurara kaɗai, a mayar a rufe kafin a matsa. In ɗalibi namiji ne zai duba mace, ko mace za ta duba namiji, wani ma'aikaci ya tsaya, kuma in majiyyaci ya ce a'a, a nemo masa jinsinsa. Na ji wata ɗaliba ta ce, "Inna, zan ɗan ɗaga rigarki ta baya in ji numfashinki, na ja labule, ba mai ganinki." Matar ta gyara zama da kanta. Na sa wannan jimlar a littafin yadda take.

Yadda ake bi: a fara daga saman kafaɗa, dama sannan hagu a daidai wuri ɗaya, a sauko tsakanin allon kafaɗa da ƙashin baya, ana tsallakawa gefe zuwa gefe kamar mai hawa tsani, har ƙasan haƙarƙari. Kada a ɗora a kan allon kafaɗa, ƙashi ne. Kowane wuri a ji shaƙa ɗaya da fitarwa ɗaya cikakku, baki a buɗe. Kada a manta hammata, domin huhun dama kashi uku ne, na tsakiyar ba a jinsa ta baya, sai ta gaba da gefe.

Sautuka uku kaɗai na nemi ɗan koyo ya gane. Akwai ƙananan ƙararraki masu fashewa a ƙarshen shaƙa, waɗanda ke nuna ruwa ko ciwon huhu. A sa mutum ya yi tari a sake ji, in sun ɓace majina ce ko huhun da bai buɗe ba saboda kwanciya. Akwai fito, wanda aka fi ji wajen fitar da numfashi, na hanyar iska da ta tsuke irin ta mai asma. Na ukun shi ne shiru, wato gefe ɗaya iska na shiga, ɗayan ba a jin komai ko an ji ƙasa-ƙasa. Ɗalibai sun fi tsoron ƙara, amma shirun ne ya fi haɗari.

A zuciya na taƙaita. A lalubo ɗan tudun da ke saman ƙashin ƙirji, haƙarƙari na biyu yana manne da shi, daga nan ake ƙirgawa ƙasa. Bugun ƙarshen zuciya, wato tsininta na ƙasa, yana tsakanin haƙarƙari na biyar da na shida a hagu, a layin da ya sauko daga tsakiyar ƙashin da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa. Nono ba alama ba ce, wurinsa yana sauyawa daga mutum zuwa mutum. In an ji bugun ya gangara ƙasa ya nufi hammata, zuciya ta ƙara girma.

4 ga Maris

An shiga azumi, saboda haka na ƙara tambaya a sashen baki da ciki: kana azumi? Bushewar baki da ƙarancin fitsari da la'asar suna da wata ma'ana ga mai azumi, kuma mai ciwon suga da ya ɗauki azumi ba tare da an gyara masa magani ba yana iya faɗuwa. Gumi, rawar jiki da rikicewar magana a irin wannan mutum, a auna suga nan take.

A ciki tsari yana juyawa: kallo, saurare, ƙwanƙwasawa, sannan taɓawa, domin matsa ciki yana iya sauya kukan hanji, kuma in ka fara tayar wa mutum da ciwo zai ɗaure cikinsa sauran duban ya lalace. Ya yi fitsari tukuna, ya kwanta rigingine, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe. A raba cikin gida huɗu da cibiya a tsakiya, a fara saurare daga ƙasan dama. Ba a cewa hanji ya yi shiru sai an saurara minti biyar. Wajen taɓawa, hannu a ɗumame, a shimfiɗe, danni kamar santimita ɗaya, wurin da ya nuna yana ciwo shi ne na ƙarshe, kuma idon ɗaliba a fuskar majiyyaci yake, ba a hannunta ba. Mai haƙuri ba zai ce wayyo ba, amma goshinsa zai faɗa.

Iyakoki biyu da jan alƙalami: cikin da ya yi tauri kamar katako, da ƙullutun da ke bugawa tare da zuciya a sama da cibiya. A ɗauke hannu, a kira likita. Danni mai zurfi na neman hanta da saifa, ɗan koyo ba ya yin sa sai da malami a gefe.

11 ga Maris

Ƙafa da baya, inda gajiya ke sa a yi sauri. A yaye mayafi a ga ƙafafu biyu tare. Kumburi: a danna babban yatsa a kan ƙashin ƙwauri sakan biyar, a ga ko rami ya zauna, a bi sama har inda ya tsaya. Na fi son a rubuta "har gwiwa" ko "har cinya" a kan ba kumburin maki kaɗai, domin nas ta gobe za ta iya gwadawa. Kumburin ƙafa biyu yana nuni ga zuciya, ƙoda, hanta ko rashin abinci. Na ƙafa ɗaya mai zafi da ciwo a sha-raɓa yana iya zama daskararren jini a jijiya, kuma ba a murza shi ba a matsa shi, komai roƙon 'yan jinya. Ga wanda ya daɗe a kwance ruwa ba ya sauka ƙafa, a tsatso yake taruwa, sai an juya shi za a gani.

Juyawar nan ita ce kuma damar duba gyambon kwanciya: tsatso, ɗuwawu, diddige, ƙugu. Littafi ya ce alamar farko ja ne da ba ya gushewa in an danna. A fatarmu wurin yakan yi duhu fiye da kewayensa, ko sheƙi, kuma hannu ya fi ido gane shi: ɗumi ko sanyi daban, tauri ko laushi daban. Ga mai ciwon suga a buɗe tsakanin yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya, a duba tafin ƙafa da fason diddige, a ji bugun jini a bayan ƙafa da bayan idon sawu na ciki.

19 ga Maris

Yau katin ya sha gwajin da nake jira. A ɗakin mata akwai wata mai jego, haihuwarta ba ta kai wata biyu ba, an kwantar da ita da tari da haki. Na ba wata ɗaliba ita, na tsaya a bayanta.

Tun daga ƙofa ta lura matar a zaune take ta jingina da matasai uku. Uwar da ke jinyarta ta ce kwana da kwanaki ba ta iya kwanciya, in barci ya ɗauke ta sai ta farka a firgice tana neman iska. Numfashi 28, bugun jini 114 mai rauni, awon jini 100 bisa 70, zafin jiki 36.8. Yatsun hannu duk baƙin lalle, na'ura ta ƙi karantawa, a yatsan ƙafa ta nuna 91. A nan ɗalibar ta juyo ta ce, "Malama, in ci gaba ko in kira sista?" Na ce ta kira. Aka ƙara ɗaga gado, aka sa oksijin, aka aika wa likita, sannan muka ƙarasa duban a gaggauce yayin da muke jiransa.

Cikin fatar ido ya ɗan koɗe, ba sosai ba. Jijiyar wuya ta cika ta miƙe har kusa da muƙamuƙi alhali matar a zaune take. Ga mai lafiya da aka kishingiɗar rabi, ba ta wuce santimita uku zuwa huɗu sama da tudun ƙashin ƙirji. Ta gaba huhu kamar lafiya. Ta baya, ƙasan dama da hagu duk ƙananan ƙararraki, tari bai kawar da su ba. Bugun ƙarshen zuciya ya sauka ƙasa ya karkata wajen hammata. Ƙarƙashin haƙarƙarin dama akwai ciwo in an taɓa. Ƙafafu biyu a kumbure har gwiwa, tsatso ma yatsa na nutsewa.

Bayan an shawo kan numfashin muka zauna da ɗaliban, na sa su ɗauki abubuwan ɗaya-ɗaya. Kowanne shi kaɗai ana iya yi masa uzuri: kumburin ƙafa a ce na jego ne, tari a ce sanyi ne, saurin bugun jini a ce jinin haihuwa ne bai dawo ba. Da aka jera su sai suka zama magana ɗaya. Zuciyar da ta gaza turawa tana barin ruwa ya koma baya. Ɓangaren hagu ya cika huhu, shi ne hakin, da kasa kwanciya, da ƙararrakin baya. Ɓangaren dama ya cika jijiyar wuya, ya kumbura hanta, ya sauka ƙafa. Rashin zazzaɓi ya rage zaton ciwon huhu, ko da yake bai kore shi ba.

Gazawar zuciya bayan haihuwa sananniya ce a ƙasar Hausa. Likitocin Zariya sun yi rubutu a kanta tun shekarun 1970, suka danganta yawanta da wankan jego, da kwanciya a gado mai wuta, da kunun kanwa mai yawan gishiri. Da aka tambayi uwar cikin mutunci, ta ce ana wankan kuma ana shan kunun. Na ja kunnen ɗalibai a kan abu biyu. Ba aikinsu ba ne sa wa ciwo suna. Ƙarancin jini mai tsanani, hawan jinin bayan haihuwa da daskararren jini a huhu duk suna iya zuwa da kama da haka, hoton zuciya da gwajin jini ne za su raba. Kuma ba a yi wa uwa faɗa a gaban 'yarta a kan abin da ta yi don ƙauna. Aikinsu shi ne su gani, su jera, su faɗa da wuri, sannan su riƙe awon nauyi kowace safiya da lissafin ruwan da ya shiga da fitsarin da ya fita, domin da su ake sanin ko maganin fitar da ruwa yana aiki.

26 ga Maris

Na gyara katin bisa abin da muka gani. Jijiyar wuya da na tura littafin bayani ta dawo kati. Tambayar matasai ta hau sama. Ga kowace mace na ƙara: yaushe haihuwarki ta ƙarshe, yaushe al'adarki ta ƙarshe.

Bayan katin ya zama na rubutu da kai rahoto. Na hana kalmar "daidai" ita kaɗai. A rubuta abin da aka gani, da lamba, da gefe, da lokaci: "Ƙarfe 10:15, numfashi 28, ƙananan ƙararraki a ƙasan huhu ta baya dama da hagu, kumburi har gwiwa ƙafa biyu." Abin da ba a duba ba a rubuta ba a duba ba, da dalili. Ƙarƙashinsa akwai lambobin da ba a jira a gama duba kafin a faɗa: numfashi ƙasa da 9 ko sama da 24, bugun jini ƙasa da 50 ko sama da 120, awon jini na sama 90 ko ƙasa, oksijin ƙasa da 92, ko hankalin da ya ragu daga yadda yake ɗazu. In asibitin da aka tura ɗaliba yana da nasa ma'aunin, nasa za ta bi.

Duk lambobin katin na manya ne, kuma na buga haka a samansa, domin jariri mai numfashi 40 lafiyarsa lau. Katin yara da na masu ciki aiki ne daban, malamar ungozoma ta karɓi na masu ciki. Bayan hutun salla za a ba sistocin ɗakunan maza da na mata kwafi su yi gyara, sannan kowace ɗaliba ta yi cikakken duba ɗaya a gabana cikin minti goma sha biyar, ta rubuta, abokiyarta ta sake duba majiyyacin ba tare da ta ga rubutun ba, mu gwada biyun mu ga a wane sashe suka fi saɓawa.